Ranar da Baba Ya Roƙa wa Wanda Ya Kashe Ɗansa Rai

Gidanmu a Talata Mafara gidan fawa ne tun kakanni, rundawa kamar yadda ake ce mana a can. Baba shi ne babba a layin mahauta na kasuwa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Yayana shi ya gaji wuƙa da sayen shanu, ni kuwa na karkata wajen fata da ƙirgi, domin tun ina ƙarami jini ba ya yi mini daɗin gani.

Wata ranar Talata, kasuwa ta cika, wani bijimi da Yaya ya saya ya tsinke igiya ya bi ta cikin layi. Ya ture teburin wani tsoho mahauci da ke zuwa cin kasuwa daga Faru, can ƙasar Maradun, tsohon ya faɗi, namansa ya zube a ƙasa. Ɗan tsohon, saurayi mai ƙarfi da bai daɗe da aure ba, ya tasar wa Yaya da zagi. Yaya mutum ne mai kyauta amma mai saurin hannu. Ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Aka shiga tsakani, aka ba tsoho haƙuri, kowa ya koma harkarsa. Bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, saurayin ya dawo da wuƙar aikinsa. Ina tsaye kusa, ina ɗaure fatu. Sau ɗaya ya soke shi. Kafin mu isa asibiti Yaya ya cika, ya bar mata da yara uku.

Saurayin bai gudu ba. Zama ya yi a ƙasa har 'yan sanda suka zo.

Ni a lokacin na ɗauka abin da kowa ya gani da idonsa ba ya buƙatar wata doguwar magana. Sai ga shi an kai shi gaban majistare, majistare ya ce ba shi da hurumin shari'ar kisa, iyakarsa ya sa a tsare shi. Takardun bincike suka tafi ma'aikatar shari'a a Gusau, suka daɗe, sannan aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha. Lauyar gwamnati da aka ba shari'ar mace ce mai sanyin magana. Ranar da muka fara ganinta Baba ya tambaye ta ko mu ne masu ƙara.

Ta ce, “A'a, Baba. Da a babbar kotun shari'ar Musulunci aka shigar, magada ne ke da zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko yafiya. Amma wannan an shigar da ita a Babbar Kotu ne, ƙarƙashin dokar final kot, wato dokar hukunta laifuka ta gwamnati. A nan gwamnati ce mai ƙara, ku shaidu ne.”

Baba ya ce, “To ɗiyata, in mun ce mun yafe fa?”

“Alƙali zai ji, amma ba zai tsayar da shari'a don haka ba. Akwai inda maganarku ke da nauyi, sai dai wurin yana can gaba da nisa.”

Baba ya gyaɗa kai. Ni kuwa na ji haushin ma da ya ambaci yafiya.

Ranar da aka karanta masa tuhuma, tafinta ya juya masa da Hausa, saurayin ya ce shi ya yi. Na ce a raina shi ke nan. Amma alƙali ya rubuta cewa bai amsa laifi ba. Daga baya lauyar ta yi mana bayani: a laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya amsa da bakinsa kotu ba ta yanke masa a kan haka, dole gwamnati ta kawo shaidu ta tabbatar, kuma dole ya kasance da lauya. Da yake ba shi da halin ɗauka, aka ba shi ɗaya daga cikin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi.

Ni ne shaida na biyu. Da safen ranar, muna jiran mota a tasha, Baba ya kama hannuna.

“In sunka tambaye ka marin, ka faɗi.”

Na ce, “Baba, da shi za su fake.”

“Su fake. Yay yi marin ko bai yi ba?”

“Ya yi.”

“To ka faɗi. Ba ni son a ɗora jinin ɗana bisa ƙarya.”

Na faɗa. Lauyan saurayin kuwa a kan marin ya gina kariyarsa duka. Ya ce an tunzura shi ne, an tozarta ubansa, an mare shi a bainar jama'a, hankalinsa ya gushe. Doka ta yarda cewa wanda aka tunzura shi tunzuri mai tsanani, na ba-zata, ya yi kisa nan take kafin zuciyarsa ta huce, ba a yanke masa hukuncin kisa, ɗauri ake yi masa. Lauyar gwamnati ta ce tsakanin marin da sukar akwai azahar, akwai la'asar, ya bar wurin, ya zauna, ya ɗauko wuƙa ya dawo. A kan wannan tazarar ta 'yan sa'o'i aka shafe shekaru ana jayayya.

Ranar hukunci kotu ta yi tsit, fanka kawai ake ji. Alƙalin ya daɗe yana karatu da Turanci. Ya ce kariyar tunzuri ba ta tsaya ba, domin akwai lokacin hucewa. Sannan ya ajiye alƙalami ya dubi saurayin, muryarsa ta canza. Tafinta, dattijo mai furfura, ya juya maganar: kotu ta yanke a rataye ka ta wuya har sai ka mutu, Allah ya jiƙan ranka. Na yi shekaru ina jiran jin waɗannan kalmomi, amma da suka fito daga bakin ɗan'adam zuwa ga ɗan'adam, tsikar jikina ta tashi. Uwar saurayin, wata 'yar tsohuwa siririya, ta sulale daga benci zuwa ƙasa ba tare da ta yi kuka ba. Alƙalin ya ƙara da cewa doka ba ta ba shi zaɓin wani hukunci ba, kuma wanda aka yanke wa yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara.

A waje na tambayi lauyar yaushe za a zartar.

Ta ce, “Malam, yau aka fara. Hukuncin kisa ba ya tafiya kai tsaye daga bakin alƙali zuwa igiya. Yanzu alƙali zai haɗa duk abin da aka yi a shari'ar, ya rubuta rahotonsa da ra'ayinsa, ko yana ganin akwai dalilin sassauci ko babu, ya aika wa gwamna ta ofishin babban lauyan jiha. Wannan dole ne, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. Sannan shi wanda aka yanke wa, ba ya neman izinin kowa kafin ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara, haƙƙinsa ne, lauyansa sanarwa kawai zai shigar. Haka Kotun Ƙoli. Muddin ƙararsa tana gaban wata kotu, babu mai taɓa shi. Ko duk sun tabbatar, sai gwamna ya sa hannu.”

Na ce, “Shi Yaya wa ya ba shi wata uku?”

Baba ne ya ce, “Shi ya sa shi ake kira mai laifi, su ake kira hukuma. Wuce mu tai.”

Aka mayar da saurayin sashen waɗanda ke jiran kisa a gidan yari. Lauyansa ya shigar da ƙara kan lokaci. Haɗa kundin shari'ar kawai, a buga shi a aika Sakkwato, ya ci fiye da shekara. A tsakanin nan tsohon nan na Faru ya rasu. Baba ya aika a yi gaisuwa, ni kuwa ban so ba.

Da aka sa ranar sauraro Baba ya ce sai ya je. Muka bi ta mararrabar Bakura muka miƙa Sakkwato, yana zaune gaban mota da sandarsa tsakanin ƙafafu. Na zaci za a sake kiran shaidu, har na shirya maimaita abin da na gani. Ashe a can ba a kiran kowa. Alƙalai uku ne zaune a sama, gaban kowanne ga kundi mai kauri, lauyoyi sun riga sun rubuta hujjojinsu sun miƙa. Ko saurayin ba a kawo ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suka san shari'ar. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai taɓa taka kasuwar Mafara ba, ya tambayi lauyar gwamnati ina wuƙar take lokacin da aka yi marin, a ƙugunsa ko a kan tebur. Wani ya buɗe shafi ya karanta maganata, kalma bayan kalma, har inda na ce Yaya ne ya fara ɗaga hannu. Na ji maganar da na yi shekarun baya tana fitowa daga bakin baƙo, ana auna ran mutum da ita. Na gode wa Allah da Baba ya hana ni rage ta.

Bayan 'yan watanni suka tabbatar da hukuncin, su ukun baki ɗaya.

Lauyansa ya wuce Kotun Ƙoli a Abuja. Nan ne jira ya yi jira. Babban ɗan Yaya, wanda yake ajin firamare lokacin da aka kashe ubansa, ya gama sakandare, ya fara bin shanu zuwa kudu. Idon Baba ya fara raguwa, ya bar layin mahauta. Mutane suka daina tambayarmu. Lauyar nan ma an ɗaga ta zuwa wani matsayi, amma ba ta daina kiranmu ba idan akwai labari. Ita ta gaya mana cewa a can alƙalai biyar ke zama, kuma idan kotu biyu na ƙasa sun haɗu a kan abin da ya faru, Kotun Ƙoli ba ta cika rushe shi ba sai ta ga an kauce wa doka ko an yi zalunci a fili. Duk da haka sai sun karanta komai daga farko.

Abuja ba mu je ba. Da hantsi ta kira ni, ina shanya fatu a bayan gida. Ta ce an kori ƙararsa, hukunci ya tabbata, babu wata kotu a gaba.

Na sami Baba a zaure na faɗa masa.

Ya ce, “Alƙali guda yac ce an zalunci ɗana. Uku sunka ce haka na. Biyar sunka ce haka na. Babu wanda za ya sake cewa ɗana shi yaj jawo ma kainai?”

“Babu, Baba.”

“Alhamdu lillahi. To yanzu ka kira min lauyar nan, ka tambaye ta inda tac ce maganarmu na da nauyi.”

Na gane abin da yake nufi, zuciyata ta yi zafi. Na ce masa shekara nawa muna bin hanya, ya tsufa a kan bencin kotu, yanzu da abu ya zo hannu zai sake shi?

Ya ce, “Da can mi gare ni da zan yafe? Ana gardama ko an yi min laifi. Mutum ba ya kyauta da abin da ba ya hannunai. Yanzu ya zo hannuna.”

Bai yi gaban kansa ba. Ya tara mu a tsakar gida: Inna, matar Yaya, babban ɗan Yaya, da ni. Ya ce jinin ba nasa ba ne shi kaɗai, in mutum ɗaya ya ƙi zai bar maganar. Matar Yaya ta ce ita ta daɗe da barin wa Allah. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce shi ko fuskar mutumin bai sani ba, kuma ba ya jin rataye shi zai sa ya tuna muryar ubansa. Inna ce ta daɗe. Ta yi kwanaki tana aikinta. Wata safiya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce da Baba, “Na tuna uwar yaron nan da ta faɗi a kotu. Na san abin da ke jiranta, na riga ta sha. Ba ni so in zama ni na miƙa mata.” Saura ni. Ban ce na yafe ba a ranar. Na ce dai ba zan tsaya masa a hanya ba, Baba ya ce wannan ma ya isa a fara tafiya da shi.

Lauyar ta zaunar da mu a ofishinta a Gusau ta warware mana. Tsarin mulki ya ba gwamna ikon jinƙai a kan laifin da aka yi wa dokar jiha. Shugaban ƙasa nasa ikon a kan laifukan dokar tarayya yake, ba ya shiga wannan. Gwamna na iya barin hukunci yadda yake ya sa hannu, yana iya jinkirta shi, yana iya mayar da shi ɗaurin rai da rai ko na wasu shekaru, yana iya yafewa gaba ɗaya. Amma kafin ya yi, sai ya nemi shawarar kwamitin afuwa, wanda babban lauyan jiha ke jagoranta, da dattawa da malamai da likita a ciki. Su kuma suna duba kundin shari'a, da rahoton alƙalin farko, da bayanin gidan yari kan halin mutumin da lafiyarsa, da duk wani roƙo da aka kawo.

Ta ce, “Ku sani, Baba, yafiyarku ba umarni ba ce. Kwamiti shawara yake bayarwa, gwamna ne mai yankewa. Kuma ba suna sake shari'a ba ne, laifi ya riga ya tabbata. Tambayarsu ɗaya ce, ko a bar shi da rai.”

Baba ya tambaya, in an yi shiru fa, ba a sa hannu ba, ba a kuma sassauta ba?

Ta ce haka da yawa suke zaune, domin gwamnoni ba su cika sa hannu ba. Sabuwar dokar gidajen gyaran hali ta ce wanda ya ƙare duk ɗaukaka ƙararsa, ya ƙara shekara goma ba a zartar ba, babban jojin jiha na iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai.

Baba ya ce, “Shekara goma kullum shina sauraren takun ƙafa. Ni ba ni da shekara goma.”

Muka yi rantsuwa a rubuce a gaban kotu, kowa ya sa hannu, Baba da Inna suka dangwala yatsa. Lauyan saurayin ya haɗa da nasa roƙon ya miƙa. Bayan wani lokaci kwamitin ya aiko yana son jin Baba da bakinsa.

Ɗaki ne mai dogon tebur, mutane kamar goma. Na riƙe hannun Baba na zaunar da shi. Bayan doguwar gaisuwa, shugaban ya tambaye shi ko wani ya matsa masa, ko an ba shi wani abu. Ya ce babu. Wani malami a cikinsu ya tambaya ko an yi maganar diyya. Baba ya ce tsohuwa ce ta rage musu da gona ɗaya, ba ya so. Sai wata mace a ƙarshen tebur ta ce, “Baba, me ya sa sai yanzu?”

Ya juya fuskarsa wajen muryarta, don ba ya ganinta sosai.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, ni mahauci ne. Tun ina yaro nike yanka, na san yadda rai ka fita, ba abin wasa ba ne ko ga akuya. Ɗana ya mari yaron nan, bai kyauta ba. Yaron nan ya kashe ɗana, ya yi babban zalunci, kotu ta faɗa har sau uku, na gode mata. Ba ni ce a sake shi ba, wannan ku kun fi ni sani. Ni dai ban son a kashe shi da sunana. Ina gab da zuwa inda ni ma sassauci zan nema.”

Na ga shugaban ya cire tabarau yana gogewa. Ni da na zo riƙe da hannun tsoho makaho-makaho, sai na ji kamar ban taɓa saninsa ba. Mutumin da na tashi ina gani da riga mai ɗigon jini, yana faɗa a kan tsoka da ƙashi, shi ne manyan jiha suka yi tsit suna saurare. A wannan ɗakin na yafe, ban gaya wa kowa ba sai daga baya.

Ba su ba mu amsa a ranar ba, ba aikinsu ba ne. Muka koma gida muka jira. Damina ta wuce, aka yi girbi. Gab da ƙaramar salla lauyar ta kira: gwamna ya karɓi shawarar kwamiti, ya sa hannu, an mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Takarda ta isa gidan yari, an fitar da shi daga sashen masu jiran kisa an kai shi cikin sauran fursunoni, inda zai iya fita tsakar gida ya koyi sana'a.

Baba ya ce a kai shi Faru. Na ce hanya ba lafiya, a bari in kira wani ya sanar da uwar saurayin. Ya ƙi. Muka shiga mota zuwa Maradun, daga nan muka hau babura, shi a tsakiya ina riƙe da shi ta baya, muka bi ta cikin gonakin da aka girbe.

Muka same ta a ƙofar gida tana sussukar gero da wata jikarta. Ta ƙara ƙanƙancewa. Da ta gane mu sai ta saki taɓarya, domin ta ɗauka labarin da take tsoro ne muka kawo. Baba ya yi sallama, ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi amfanin gona, ya yi mata gaisuwar mijinta da bakinsa, duk tana amsawa da ƙyar.

Sannan ya ce, “Ɗanki ba za a kashe shi ba. Gwamna ya sa hannu. Shina nan tsare, amma za ki iya zuwa ki gane shi.”

Ta durƙusa za ta kama ƙafarsa, ya ja da baya.

“Tashi, baiwar Allah, ba ni na ba da rai ba. A ba mu ruwa, mun sha hanya.”

Jikar ta kawo ruwa a kwanon sha, maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Baba ya sha, ya miƙo mini, ya ce in gaya wa masu babur su juya, yana so mu kai Maradun kafin la'asar.